Lafin ɗin ƙafa biyu ya isa wa kowane rodi?

Tambaya: Salam Injiniya. Ina kula da wani aikin bene hawa ɗaya, mun zo dekin. Bim ɗin 230 da 450 ne, akwai Y16 a ƙasa, Y20 a sama, ringi Y10, koba 25. Mai ɗaurin rodinmu duk inda ya haɗa rodi biyu ƙafa biyu yake bayarwa, ko 12 ne ko 20, ya ce haka suke yi tun yana yaro kuma gini bai taɓa faɗo masa ba. Ba mu zuba kankare ba tukuna. In bar shi ko in sa a kwance?

Wa alaikumus salam. Kar ka bari a zuba kankaren nan tukuna, gara a yi asarar kwana ɗaya ko biyu. Ƙafa biyu, wato kusan milimita 600, ta isa wa Y12, wato rodi mai kaurin milimita 12, a mafi yawan wurare, ba ta isa wa Y16 ba, Y20 kuwa da ke saman bim irin naka ko rabin abin da yake buƙata bai samu ba. Mai ɗaurin naka ba ƙarya yake ba in ya ce bai taɓa ganin matsala ba, yawancin ayyukan da suka saba yi linta ne da ƙananan filoli da dekin na Y12, a nan ƙafa biyun tana wucewa lafiya. Matsalar ita ce an ɗauki awon ƙaramin rodi an ɗora wa babba.

Abu na farko da nake so ya zauna maka a kai shi ne rodi biyun da aka jera aka ɗaure ba su ne ke riƙe juna ba. Wayar ɗaurin nan aikinta kawai ta hana su motsi lokacin da ake zuba kankare ana tattaka su, ba ta ɗaukar nauyin komai. Abin da ke faruwa shi ne rodi na farko yana jan kankaren da ke kewaye da shi ta hanyar tudun zanen da ke jikinsa, kankaren kuma ya miƙa wannan jan ga rodi na biyu. To ka ga kenan ƙarfin haɗin gaba ɗaya yana hannun kankare, ingancinsa da kaurinsa a gefen rodin da kuma tsawon wurin da aka ba shi ya kama. Rodin da bai samu isasshen tsawo a cikin kankare ba zai zame tun kafin ya kai ƙarfin da aka lissafa masa, kuɗin da aka kashe aka sayi 20 ya zama kamar 12 aka sa.

Wannan tsawon da rodi ke buƙata ya nutse a kankare kafin a iya jan sa da cikakken ƙarfinsa shi ne tsawon riƙo, kuma daga gare shi ake fitar da lafin, wato tsawon da rodi biyu ke hawa kan juna a wurin haɗi. A BS 8110, littafin ƙa'idar ginin kankare na Birtaniya, wanda har yanzu shi yawancin ofisoshinmu ke aiki da shi duk da Eurocode 2 na shigowa, lissafin rodi mai zane da ke cikin ja shi ne:

L = 0.95 × fy × d / (4 × 0.5 × √fcu)

fy ƙarfin rodi, d kaurinsa, fcu ƙarfin kankare. Sa fy 460, sa kankare giredi 25. Sama zai ba ka 437, ƙasa kuma 4 × 0.5 × 5 wato 10, sai ka samu kusan kaurin rodi sau 44. Wannan 0.95 ɗin na bugun 1997 ne, bugun 1985 da 0.87 yake aiki, shi kuma in ka lissafa 40 cif zai ba ka, shi ya sa za ka ji kowa a sayit yana cewa sau arba'in, sau arba'in. Ni da 44 nake aiki. Y12 kenan 530, Y16 wajen 700, Y20 kuma 880, Y25 mita ɗaya da 100. Tun a nan, kafin ma mu taɓa maganar koba, wato kaurin kankaren da ke rufe rodi, ƙafa biyun ta riga ta faɗi a kan 16 da 20.

Dalilin da ya sa tsawon ke bin kauri ba wani ɓoyayyen abu ba ne. Ƙarfin da rodi ke ɗauka yana bin faɗin bakinsa ne, amma abin da kankare ke kamawa fatar jikinsa ce kawai. In ka ninka kaurin rodi biyu, bakinsa ya ninku huɗu, fatarsa kuwa biyu kawai ta ninku, dole tsawo ya cike gibin. Y12 bakinsa 113 ne a murabba'in milimita, yana jan abin da ya kai tan 5. Y20 bakinsa 314, yana jan wajen tan 14. Yanzu duba abin da ƙafa biyu za ta iya riƙewa a jikin Y20: kewayensa wajen milimita 63, sau tsawo 600, sau niyuton 2.5 da kankare giredi 25 ke iya kamawa a kowane murabba'in milimita, wajen tan 9 da rabi kenan. Rodi na son 14, haɗin na iya 9 da rabi, kuma wannan a yanayi mafi kyau ne, inda koba ta wadata kuma kankaren da gaske giredi 25 ne.

Kuma gaskiya maganar giredi ɗin nan sai an yi hattara. In da hannu ake kwaɓawa, ana auna yashi da tsakuwa da baro, ana ƙara ruwa don ya yi saurin zubuwa, ba a taɓa kai kiyub gwaji ba, to kar ka yaudari kanka da 25. A giredi 20 lissafin nan sau 49 yake bayarwa, in ya sauka zuwa 15 ya haura 56. Shi ya sa in na ga yanayin kwaɓin sayit bai kwanta min ba nake cewa a fara daga sau 50 kawai a huta, Y16 ya zama 800, Y20 ya zama mita ɗaya.

Yanzu koba, wadda ita ce mutane suka fi rainawa, suna ganin tsatsa kawai take karewa. Lokacin da ake jan rodi mai zane, tudun zanen nan ba a miƙe kawai yake tura kankare ba, a karkace yake turawa, wani ɓangare na ƙarfin yana bin tsawon rodi wani kuma yana tura kankaren waje ta kowane gefe, kamar yadda gatari ke buɗa itace in ana faskare. Abin da ke hana kankaren tsagewa shi ne kaurin da ya kewaye rodin, da kuma ringin da ya ɗaure wurin. In kobar siririya ce sai ta tsage a bisa tsawon rodin, da zarar ta tsage kuma riƙon ya tafi gaba ɗaya, ba a hankali ba. Babban rodi ya fi tura kankare da ƙarfi, don haka koba 35 da ta wadaci Y12 ba ta wadaci Y20 ba. Ba a kallon koba ita kaɗai, ana kallonta ne a gwada da kaurin rodin da take rufewa, kuma ma'aunin da BS 8110 ya sa shi ne kaurin rodi sau biyu.

Ga yadda dokar take a wurin lafin na ja. In lafin ɗin yana saman abin da ake zubawa, kuma kobarsa ba ta kai kaurin rodi sau biyu ba, a ninka tsawon da 1.4. In yana kusurwa kuma kobar ɗaya daga fuskokin biyu ba ta kai sau biyu ba, ko kuma tazarar da ke tsakanin lafin da lafin na kusa da shi ba ta kai 75 ko kaurin rodi sau shida ba, duk wanda ya fi girma a cikinsu, nan ma 1.4. In duka biyun suka haɗu a wuri ɗaya, na sama da na kusurwa ko matsatsi, to ninki biyu ne cur.

Me ya sa aka ware rodin sama? Je ka tsaya bayan an gama zuba bim da kamar rabin awa, za ka ga ruwa ya taso ya kwanta a sama. Tsakuwa da yashi suna zama ƙasa, ruwa da iska suna hawa, duk wanda ya ci karo da rodi a hanya sai ya maƙale a ƙarƙashinsa, in ya bushe ya bar ɗan rami siriri da laushin kankare a ƙarƙashin rodin. Idan ka taɓa ganin an fasa tsohon bim, duba gurbin da rodin sama ya bari, rabin sama za ka ga zanen ya fito raɗau, rabin ƙasa kuwa duk ƙananan ramuka ne kamar an yayyafa. Duk manyan ƙa'idojin sun yarda da wannan. ACI 318 na Amurka yana ƙara kashi 30 cikin ɗari in akwai ɗanyen kankare fiye da milimita 300 a ƙarƙashin rodin, Eurocode 2 kuma yana rage ƙarfin riƙon zuwa 0.7.

To mu ɗora wannan a kan bim ɗinka. Koba 25 zuwa ringi, ringin 10, daga fuskar kankare zuwa babban rodi 35 kenan. Wasu injiniyoyin 25 ɗin suke ɗauka don ƙarin kariya, amma bari mu yi da 35 ɗin tunda shi ne ainihin abin da ya rufe rodin. Y20 yana son 40, ya samu 35, bai kai ba. Yana sama, kuma rodi biyun da ke gefe suna kusurwa, sharuɗɗa biyun sun hau kansa. 44 sau biyu 88, sau 20, mita ɗaya da 760. Mai ɗaurinka ya ba shi 600, wato kusan kashi ɗaya cikin uku. Wannan ne wurin da ya fi tayar min da hankali a tambayarka, musamman in haɗin ya faɗo a kan fila ko kusa da ita, inda rodin sama ke shan ja mafi tsanani.

Y16 na ƙasa ya fi sauƙi, amma shi ma da sharaɗi. Yana son koba 32, yana da 35, ya tsallake da milimita 3 kacal, kuma ka san yadda sayit yake, in babu biskit, wato 'yan guntayen da ake sawa tsakanin rodi da katako, a ƙasa da gefe kejin zai kwanta a kan katako ko ya jingina da gefe ɗaya, milimita ukun nan ta tafi. Sai kuma tazara. Faɗin bim 230, cire 35 ta kowane gefe, saura 160. In rodi uku ne a ƙasa kuma aka haɗa dukkansu a wuri ɗaya, sun zama shida a jere, 96 kenan, saura 64 a raba gida biyu, 32 tsakanin kowane haɗi da na kusa da shi, alhali ana son 96. Ninkin 1.4 ya hau, lafin ya tashi daga 700 zuwa kusan mita ɗaya. Ban da haka ma akwai wata doka da ta ce jimillar kaurin rodin da ke jere ɗaya a wurin lafin kada ta wuce kashi 40 cikin ɗari na faɗin, kashi 40 na 230 kuwa 92 ne, kai kana da 96. Kuma ka yi tunanin tsakuwa mai milimita 20 tana ƙoƙarin ratsa wannan cunkoson, ƙarshe a cire katako a ga ramuka a ƙasan bim, a zo a shafe da filasta, rodin kuwa ba abin da ya kama shi a daidai wurin da ya fi buƙatar kamu.

Maganin wannan shi ne a sassaɓa wurin haɗin, kada su taru a layi ɗaya. Na tsakiya a haɗa shi a wani wuri, na gefe a wani wuri, a bar tazara tsakanin ƙarshen wani lafin da farkon wani. Eurocode 2 ma kai tsaye yake hukunta tarawar, in fiye da rabin rodin aka haɗa a wuri ɗaya ninki 1.5 ne, in kashi ɗaya cikin huɗu ne ko ƙasa babu ƙari.

Inda aka sa haɗin ma yana da nauyi kamar tsawonsa. A bim da ya ratsa filoli da yawa, ƙasa ce ke shan ja a tsakiyar tazara, sama kuma a kan fila. Don haka rodin ƙasa a haɗa shi a kan fila ko dab da ita, rodin sama a haɗa shi a tsakiyar tazara. Abin da na fi gani shi ne mai ɗauri ya ɗauko rodi mai mita 12 ya shimfiɗa, duk inda ya ƙare nan ne wurin haɗi, don kar a yi asarar guntu. Hakan ne ke kai haɗin ƙasa tsakiyar falo. A zauna da zanen a tsara yankan tun kafin a sa almakashi, guntayen kuma ba asara ba ne, suna shiga linta da sauran ƙananan wurare. Kantiliba kuwa, irin na baranda, rodin samanta ban yarda a haɗa shi a bakin bim ba sam, ya fito daga cikin dekin a miƙe guda ɗaya, domin ita ba ta da wata hanyar da nauyi zai bi in wannan ya zame.

Akwai wuri ɗaya da nake so ka leƙa wanda ba lafin ba ne amma ciwon iri ɗaya ne, wato inda bim ya ƙare a filar ƙarshe. In zanen ya nuna rodin sama zai yi aiki da cikakken ƙarfinsa a nan, Y20 na son 880 daga fuskar fila zuwa ciki. Filar 230 ce, in ka cire koba abin da zai shiga a miƙe bai wuce 190 ba, saura wajen 690 dole a lanƙwasa shi ƙasa. Zurfin bim ɗin 450 ne, ƙafar da za ta iya zama a cikinsa ba ta wuce 380 ba, ragowar sai ta shiga cikin fila, filar kuma an riga an zuba ta har ƙasan bim tun makonni. Sai ka ga an lanƙwasa ɗan tafin hannu an bar shi haka. A irin wannan wurin ne ƙananan rodi masu yawa suka fi babba ɗaya amfani. Y12 na son 530, 190 a miƙe da 340 a lanƙwashe, ya zauna a cikin bim ɗin daidai. Amma canza 20 zuwa 16 ko 12 ba hukuncinka ba ne kai da mai ɗauri, wanda ya yi lissafin ginin za a kira, don shi ya san nawa ne jan da ke wurin, wataƙila ma ya ɗauki ƙarshen a matsayin mai zama kawai, inda abin da ake nema shi ne rodin ƙasa ya wuce tsakiyar fila da kaurinsa sau 12. Kuma lanƙwasar kada ta zama mai kaifi, a yi ta a kan fin mai faɗi, lanƙwasa mai tsini tana murƙushe kankaren da ke cikin gwiwar.

Abin da zan ce ka yi gobe da safe, ka ɗauki tef da alli ka bi bim ɗin ɗaya bayan ɗaya, duk haɗi ka rubuta kaurin rodi da tsawon lafin da inda ya faɗo. Na Y12 da ke dekin masu 600, in ba su cunkushe ba kuma akwai biskit, ka bar su. Na Y16 da Y20 kuwa mafi tsafta a kwance a sake jerawa, tunda waya ce kawai ke riƙe da su yanzu. Inda kwancewa zai yi wuya ana iya kawo wani rodi mai kauri ɗaya a ɗora a kan haɗin, ya samu cikakken lafin ta kowane ɓangare, amma ka lura tsawonsa zai kai ninki biyu na lafin, kuma ya ƙara cunkoso, a bim mai faɗin 230 sau da yawa ba ya shiga, sai injiniyan ya gani ya amince. In rodi biyu masu kauri daban ne suka haɗu, da ƙaramin ake lissafi. Kuma komai ƙanƙantar rodi lafin ba ya sauka ƙasa da 300.

Za a ce maka a kira mai walda ya ɗiɗɗiga haɗin a wuce wurin. Kar ka yarda. Rodin da ke kasuwa ba ka san sinadarin da ke cikinsa ba, wani in ya sha wuta sai ya yi gautsi a gefen waldar, ɗigon walda biyu kuma ba ya ɗaukar tan 14. Walda ko kofla a rodi abu ne da ake tsarawa a kuma gwada, an fi yin sa a manyan rodi inda lafin ya zama ba shi da kan gado, ACI 318 ma ya hana lafin na ja a rodin da ya wuce milimita 36.

Ka matso da ringi a tsawon lafin ɗin, kada tazararsu ta wuce 200, ni na fi son 150 ko ƙasa a kan Y20, domin su ne ke riƙe kobar in ta fara niyyar tsagewa. Ka duba jikin rodin ma. 'Yar tsatsa ja da ba ta ɓarewa ba ta da illa ga riƙo, amma laka da busasshen siminti mai ɓarewa da baƙin man da ake shafa wa katako duk suna kashe shi, kuma man nan yakan ɗiga a kan rodi in kafinta ya shafa bayan an saka keji. Kuɗin gyaran kuma ba wani abu ba ne, Y20 kilo 2.47 ne a mita, ƙarin da ake nema daga 600 zuwa 1760 bai kai kilo 3 ba a kowane haɗi, in ka mayar da haɗin tsakiyar tazara kuma ka ƙara koba ta kai 40 ma ba sai ka kai wannan tsawon ba.

In akwai wani ɓangare da aka riga aka zuba da irin wannan haɗin, kamar bim ɗin ƙasa, ka sa ido a kan tsagar da ke bin tsawon rodi a kwance, a gefen bim kusa da sama ko a ƙasansa, musamman daidai inda ka san akwai haɗi, ko tsaga ɗaya mai faɗi a tsaye daidai ƙarshen lafin. Ƙananan tsagogi sirara a tsaye da suka rarrabu a tsakiyar bim abu ne da aka saba gani, amma mai bin rodi alama ce kobar ta fara buɗewa. In ka ga haka kar a cire turakun da ke ƙasa, in an cire a mayar, kar a ɗora bulo a kai, a kira injiniyan ya zo ya gani da idonsa.